Sau huɗu aka ce mata a'a: yadda Peggy Whitson ta samu gurbi a NASA

A watan Oktoba na 2007 aka miƙa wa wata mata ragamar Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke kewaya duniya a tsayin kimanin kilomita 400. Kafin ita, babu macen da ta taɓa riƙe wannan muƙami. Sunanta Peggy Whitson. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, hukumar da ta ɗora ta a kan kujerar, wato NASA ta Amurka, ita ce dai ta mayar mata da takardar neman aiki har sau huɗu. Shekara goma ta yi tana nema, sai a karo na biyar aka ɗauke ta.

Ana yawan ba da labarinta a matsayin labarin naci: ta nema, an hana ta, ta sake nema. Gaskiya ne ta yi naci. Amma wanda ya tsaya a nan ya bar rabin labarin a baya, domin takardar da ta miƙa a karo na biyar ba ita ce ta karon farko ba, ko da yake suna ɗaya ne a kansu.

An haife ta a 1960, ta tashi a wata gona kusa da ƙauyen Beaconsfield a jihar Iowa. Tana da shekara tara ta kalli saukar mutum a duniyar wata ta talabijin, a 1969. A lokacin duk 'yan sama jannatin Amurka maza ne. Sai a 1978, shekarar da ta gama sakandare, NASA ta ɗauki mata shida a karon farko, cikinsu har da Sally Ride. Daga nan ne sha'awar yarinta ta zama abin da za a iya bi. Ta yi kiwon kaji tana sayarwa don ta biya kuɗin koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama. Ta yi digirin farko a kwalejin Iowa Wesleyan, ta gama a 1981, sannan ta tafi Jami'ar Rice da ke Houston ta yi digirin digirgir a ilimin sinadaran jikin halittu.

Tun kafin ta nemi komai ta fara jin kalaman sanyaya gwiwa. Ta sha ba da labarin haɗuwarta da James Van Allen, babban masanin sararin samaniya na jiharsu, wanda bai ga wata makoma a aikin 'yan sama jannati ba, kuma bai ɓoye mata hakan ba. Bayan digirinta kuma an yi mata tayin gurbin bincike a Cibiyar Salk da ke California, wurin da masu irin karatunta ke rububinsa. Ta ƙi, ta zaɓi wani gurbin bincike a Cibiyar Johnson ta NASA da ke Houston, inda ake horar da 'yan sama jannati. A 1986 ke nan, shekarar da kumbon Challenger ya tarwatse a ranar 28 ga Janairu, mutum bakwai suka mutu, aka dakatar da tashin kumbunan har zuwa Satumban 1988.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda ake wannan zaɓe, don ya gane me “a'a” ke nufi a wurin. NASA ba ta ɗaukar 'yan sama jannati duk shekara, sai idan buƙata ta taso. Ga masana kimiyya irin Peggy, sharaɗin farko a wancan zamani shi ne digiri a kimiyya, injiniyanci ko lissafi, da shekara uku na aiki a fannin, kuma digirin digirgir yana iya tsayawa a madadin shekarun. Wanda ya cika wannan, takardarsa za ta je gaban kwamitin tantancewa, wanda ke ware 'yan ɗaruruwa, a tuntuɓi waɗanda suka san aikinsu. Daga cikinsu ake kiran mutum ɗari da 'yan kai zuwa Houston, su yi kusan mako guda ana ganawa da su, likitoci na duba su ciki da waje. Hawan jini kada ya wuce 140 bisa 90 a zaune, ga gwajin ido, ga iyakar tsayi. Bayan duk wannan a ɗauki mutum ashirin, ko sama da haka kaɗan, ko ƙasa.

To a irin wannan layi, digirin da Peggy ke tinƙaho da shi tikitin shiga ne kawai. Kusan kowa a cikin waɗanda ake kira ganawa yana da irinsa ko wanda ya fi shi: likitoci, matuƙa jiragen yaƙi, injiniyoyi. An sanar da sababbin rukunai a 1987, da 1990, da 1992, da ƙarshen 1994. Babu sunanta ko a ɗaya. Kuma ita ba daga nesa take jin labarin ba. A harabar take aiki, tana ganin sababbin da aka ɗauka suna wucewa cikin shuɗiyar rigarsu.

Me ta yi a tsakanin waɗannan shekaru? Nan ne labarin yake.

Da farko ta riƙe aikinta na bincike da hannu biyu. Ɗaya daga cikin abubuwan da ta duƙufa a kai shi ne tsakuwar ƙoda. Idan mutum ya daɗe a sararin samaniya, inda jiki ba ya ɗaukar nauyin kansa, ƙashinsa kan riƙa sakin sinadarin kalsiyam. Sinadarin ya bi jini ya tafi ƙoda, ga shi kuma 'yan sama jannati sukan rage shan ruwa, fitsari ya ragu ya yi kauri. Idan waɗannan biyu suka haɗu, tsakuwa na iya ƙulluwa. Wanda ya taɓa ganin mai ciwon tsakuwar ƙoda yana murƙususu zai iya ƙiyasta abin da zai faru a wurin da babu asibiti. Wannan matsala ce da ke damun NASA da gaske, kuma Peggy ta zama ɗaya daga cikin waɗanda ake tambaya idan maganarta ta taso.

Sai kuma aikin da ya sauya komai. Bayan rugujewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Amurka da Rasha suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare: kumbunan Amurka za su riƙa zuwa tashar Mir ta Rasha, Amurkawa su zauna a cikinta na watanni. A 1992 aka naɗa Peggy jagorar ɓangaren kimiyya na wannan shiri, tana da shekara 32. Ba aiki ne na ɗaukar hoto ba. Zirga-zirga ce zuwa Mosko a lokacin da tattalin arzikin Rasha ya durƙushe. Zama ne da masana da injiniyoyin da suka shekara talatin suna kallon Amurka a matsayin abokiyar gaba, a tattauna wace na'ura za ta hau tashar, wutar lantarki nawa za ta ci, awa nawa ɗan sama jannati zai ba ta, wa zai mallaki sakamakon binciken. Kowane ɓangare da tsarinsa da harshensa da taurin kansa. Ta riƙe aikin har 1995, shekarar da Norman Thagard ya zama Ba'amurke na farko da ya zauna a Mir, kumbon Atlantis kuma ya haɗe da tashar a watan Yuni. Daga nan aka ba ta shugabancin kwamitin kimiyya na haɗin gwiwar ƙasashen biyu a ɓangaren Amurka.

A daidai wannan lokaci buƙatar NASA ita ma ta sauya. Da, tafiyar kumbo mako ɗaya ce ko biyu. Yanzu ana shirin gina babbar tasha tare da Rashawa, inda mutum zai yi wata shida a ƙuntataccen wuri da mutanen wata ƙasa. Ana neman wanda ya iya kimiyya, ya iya shugabanci, ya kuma iya zama da Rashawa. Da takardar Peggy ta sake zuwa gaban kwamiti, tana ɗauke da shaidar duka ukun, kuma ba da baki ba, mutanen gidan sun gani da idonsu. A watan Afrilun 1996 aka ɗauke ta, tana da shekara 36. Rukunin nasu ya kai mutum 44, Amurkawa 35 da baƙi tara, saboda aikin tashar na buƙatar hannaye da yawa. Don yawansu har laƙabin kifin gwangwani aka yi musu.

A nan dole a faɗi abin da masu ba da labarin naci kan tsallake. Akwai rabo a ciki: ta dace da shekarar da aka buɗe ƙofa fiye da kowane lokaci. Sannan duk tsawon jiran tana da aiki da albashi, a fannin da take so, don haka ko da ba a taɓa ɗaukar ta ba, shekarun ba su tafi a banza ba. Kuma ba kowace “a'a” ce maimaitawa ke warkarwa ba. Wanda likitoci suka cire saboda wata larura da ba ta gyaruwa, ko sau ashirin ya nema amsar ɗaya ce. Lissafin ma ba ya tausayi: a zaɓen 2017 sama da mutum 18,300 suka nema, aka ɗauki 12. Dubban da aka bari ba ragwaye ba ne. A ganina zalunci ne a nuna wa matashiya labarin Peggy a ce mata duk wanda ya nace sai ya samu. Abin da labarin ya tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi shi amfani: tsakanin nema da nema akwai lokaci, kuma abin da aka zuba a cikinsa shi ake karantawa a karo na gaba.

Ko bayan an ɗauke ta sai da ta ƙara jiran shekara shida. A Yunin 2002 ta tashi a karon farko, ta yi kwana 184. 'Yar manomi ce, sai ga ta tana renon waken suya a cikin wata na'ura a tashar. Gwajin tsakuwar ƙodar da ita ta tsara a ƙasa, wanda ake shan ƙwayar sinadarin da ke hana tsakuwa ƙulluwa ana auna fitsari, yana cikin ayyukan tafiyar. Ita da kanta ta sha faɗi cewa shekarun da aka yi ana mayar da ita su ne suka shirya ta riƙe tashar a 2007. A dawowarta daga waccan tafiya, a Afrilun 2008, kumbon Soyuz na Rasha ya samu tangarɗa, ya faɗo a tsaye fiye da kima, nauyin da ya danne su ya kai ninki takwas na nauyin jikinsu, suka sauka ɗaruruwan kilomita daga inda ake jiransu a Kazakistan. A 2009 aka ba ta shugabancin ofishin 'yan sama jannati gaba ɗaya, mace ta farko a wannan kujera. Lokacin da ta bar NASA a 2018 ta tara kwana 665 a sama, fiye da kowane Ba'amurke a lokacin. A Mayun 2023 ta koma a ƙarƙashin kamfanin Axiom, tana jagorantar ayarin da ya ɗauki Rayyanah Barnawi, mace ta farko 'yar Saudiyya da ta je sararin samaniya.

Ke da ke shirin sake cike fom na tallafin karatu ko na aiki bayan an mayar da ke bara, ki ɗauko tsohon fom ɗin ki ajiye kusa da sabon. Ki bincika me masu ɗaukar suke buƙata a bana, ki duba waɗanda aka ɗauka bara me suke da shi da ke ba ki da shi, sannan ki nuna wa kanki layin da ya ƙaru a takardarki. Idan babu, ki fara neman abin da za ki rubuta a wurin kafin ki aika.