Yadda Hannun Inji Yake Gano Hanyar Kaiwa Ga Abin Da Zai Ɗauka

Idan aka ajiye maka kofin shayi a kan tebur, miƙa hannu kawai kake yi ka ɗauka, ba ruwanka da yadda kafaɗarka ta juya ko yadda gwiwar hannunka ta lanƙwashe. Hannun inji, irin wanda ake gani a masana'antu yana walda ko yana ɗaukar kaya, bai san wurin da kofi yake ba. Abin da injinan da ke gaɓoɓinsa suka sani ɗaya ne, wato a ce musu su juya digiri kaza. Saboda haka dole wani ya zauna ya mai da "ga inda kofin yake" ya koma "ga yadda kowace gaɓa za ta juya".

Lissafin yana da fuska biyu. Idan ka san kusurwar kowace gaɓa kana neman inda bakin hannun zai tsaya, wannan shi ne lissafin gaba, kuma amsarsa ɗaya ce tak. Idan kuwa wurin tsayawar ka sani, kusurwoyin kake nema, ka shiga lissafin baya. Shi kan amsa yana iya ba ka biyu, ko huɗu, ko ya ce maka babu.

Mu ɗauki hannu mai gaɓa uku, irin wanda ɗaliban fasaha suke haɗawa. Gaɓa ta farko ita ce ƙugu, tana a gindi, tana juya hannun gaba ɗaya dama ko hagu. Ta biyu kafaɗa ce, tana ɗaga hannun sama ko ta sauke shi, kuma a namu tana zaune santimita 10 daga saman tebur. Ta uku gwiwa ce. Damtse, daga kafaɗa zuwa gwiwa, santimita 30 ne. Sangali kuma, daga gwiwa zuwa bakin awartakin da ke kama kaya, santimita 40. Abin da muke so awartakin ya kai gare shi yana santimita 24 gaba da gindin, santimita 32 ta hagunsa, a bisa wata 'yar kanta mai tsayin santimita 40.

Dabarar farko ita ce a raba aikin gida biyu. Kafaɗa da gwiwa ba sa iya karkatar da hannun gefe, sama da ƙasa kaɗai suke yi, kamar mai ja a jikin bango. Ƙugu ne yake zaɓar inda bangon zai fuskanta. To sai mu fara da shi, mu leƙo teburin daga sama kamar tsuntsu, mu manta da tsayi. Daga gindi zuwa ƙarƙashin abin akwai 24 gaba da 32 gefe, kusurwar da wannan ya bayar kuwa digiri 53.1 ce zuwa hagu. Nisan a kwance kuma 40 ne, domin 24 sau 24 haɗe da 32 sau 32 ya ba da 1,600, wato 40 sau 40. Gaɓa ɗaya ta fita daga lissafi ke nan.

Yanzu sai mu koma mu kalli hannun daga gefe. Abin yana nisan 40 a kwance, kuma tunda kafaɗa ta riga ta hau santimita 10, tsayin da ya rage 30 ne. Da za a ja zare miƙe daga kafaɗa zuwa abin, tsawonsa zai zama 50. Duk magini ya san wannan ma'auni na uku, huɗu, biyar, da shi ake daidaita kusurwar ɗaki tun wurin awon tushe. Damtse da sangali da zaren nan sun haɗu sun yi alwatika, kuma mun san tsawon ɓangarorinta duka uku: 30 da 40 da 50. Alwatikar da aka san ɓangarorinta ba ta da zaɓi game da kusurwoyinta. Ƙa'idar da ke fitar da su ita ce ƙa'idar kosain, wadda masu karatun Faransanci suka sani da sunan Al-Kashi, masanin lissafin nan da ya yi aiki a Samarkand ya kuma rubuta Miftah al-Hisab a 1427. Ga ta yadda muke bukatarta, inda `D` yake nufin zaren, `a` damtse, `b` sangali:

`cos(t3) = (D² − a² − b²) / (2ab)`

Idan muka zuba lambobinmu, 2,500 a cire 900 a cire 1,600, babu abin da ya rage. Kosain ɗin sifiri ne, ma'ana gwiwa za ta lanƙwashe digiri 90 daga miƙe.

Saura kafaɗa. Zaren ya tashi daga kwance da digiri 36.9, amma damtse ba kan zaren yake ba, ya kauce masa da digiri 53.1. A nan ne amsar take rabuwa biyu, domin kaucewar tana iya zama ta sama ko ta ƙasa. Idan ta sama ce, sai a haɗa lambobin biyu a sami digiri 90. Damtse ya tsaya ƙyam kamar turke, ya hau 30, sangali ya kwanta ya tafi 40, awartaki ya sauka daidai kan abin. Kana iya gwada wannan da kara biyu a tsakar gida. Idan ta ƙasa ce, sai a cire, a sami digiri 16.3 ƙasa da kwance. Damtse ya sunkuya, sangali ya taso ya iske abin daga ƙasa. A takarda duka biyun daidai ne. A kan tebur kuwa, ta biyun tana sauke gwiwa santimita 8.4 ƙasa da kafaɗa, wato tazarar da ta rage tsakanin tsakiyar gwiwar da katako ba ta kai santimita biyu ba. Gwiwa mai ɗan kauri za ta gurji tebur, shi ya sa a aikin saman tebur galibi gwiwa-sama ake zaɓa.

Akwai ma wasu amsoshi biyu a ɓoye. Ƙugu yana iya juya wa abin baya, hannun ya gantsare ta bisa kansa ya kamo shi, da gwiwa sama ko ƙasa. Huɗu ke nan. Sai dai ƙananan injinan sarbo da ake sa wa irin wannan hannu yawancinsu ba sa wuce juyin digiri 180, don haka wasu amsoshin tun a takarda ake zubar da su.

Ga dukan lissafin a harshen Python, inda `h` yake nufin tsayin kafaɗa:

```python
from math import atan2, acos, hypot, sin, cos
t1 = atan2(y, x)
r, s = hypot(x, y), z - h
c = (r*r + s*s - a*a - b*b) / (2*a*b)
t3 = -acos(c)
t2 = atan2(s, r) - atan2(b*sin(t3), a + b*cos(t3))
```

Idan aka cire alamar ragi da ke gaban `acos`, amsar gwiwa-ƙasa za ta fito. Ita kuwa `atan2` da dalili aka sa ta. Wanda ya raba 32 da 24 ya nemi kusurwa da `atan` zai sami 53.1. To amma da abin yana 24 ta baya da 32 ta dama, rabon bai canja ba, tunda ragi ya cinye ragi, sai hannun ya tafi kishiyar inda aka aike shi. `atan2` tana duba lambobin biyu kowace da alamarta, ba ta ɓata. Haka nan amsoshin suna fitowa ne da ma'aunin radiyan, inda digiri 90 yake zama 1.57. Idan ka ga hannu ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya alhali ka aike shi nesa, fara duba ko ka manta mai da su digiri.

Lamba mafi amfani a cikin layukan nan ita ce `c`, domin ita take faɗin iyakar hannun. Kosain ba ya wuce 1, ba ya kuma yin ƙasa da −1. A ce an matsar da abin har zaren ya kai 75. Lissafin zai ba da 1.3, Python ta tsaya da kuskuren `ValueError`, allon Arduino kuma ya fitar da `nan`. Ba na'urar ce ta lalace ba, gaya maka ake yi hannu mai 30 da 40 ba ya wuce 70. Ta ciki ma akwai iyaka: ko an naɗe gwiwa gaba ɗaya, awartaki ba ya kusantar kafaɗa fiye da santimita 10. Don haka ake duba `c` kafin a nemi kusurwa. In ta wuce 1 da ɗan burbushin da kwamfuta kan bari wajen lissafi, sai a mai da ita 1. In ta wuce sosai, a ƙi umarnin, kada a bar hannun ya yi ta ƙoƙarin abin da ya fi ƙarfinsa.

Tun kafin a kai iyakar ma hannun yakan fara sauya hali. Daga nisan 50 zuwa 51, gwiwa digiri 2.4 kawai take buɗewa. Daga 69 zuwa 70 kuwa, santimita ɗaya dai ita ma, sai ta buɗe digiri 19.6, ninki takwas ke nan. Idan an umarci awartaki ya tafi da sauri iri ɗaya, gwiwar dole ta fizga a ƙarshen tafiyar, kuma kunne ma yana jin ƙarar injin ta canja. Da hannun ya miƙe sarai, amsar sama da ta ƙasa sun zama ɗaya, babu kuma juyin da zai ƙara tura awartaki gaba. Irin wannan matsala tana nan idan abin yana daidai bisa gindi: kowace kusurwar ƙugu daidai ce, kuma matsar da abin kaɗan yana iya sa ƙugun ya wulwula rabin zagaye. Masu aikin sukan jera kaya a tsakiyar inda hannu yake kaiwa, nesa da waɗannan wurare biyu.

Wani zai tambaya, ai hannayen masana'antu gaɓa shida gare su. Haka ne, domin gaɓa uku wurin kawai suke kai ka, ba sa ba ka zaɓin ta inda awartaki zai fuskanci abin. A amsarmu ta farko ya zo a kwance, a ta biyu ya zo a tsaye-tsaye, kuma ba mu muka zaɓa ba. Sauran ukun a wuyan hannu suke, aikinsu karkata awartaki. A 1968 Donald Pieper, a binciken digirinsa na uku a Jami'ar Stanford, ya nuna cewa idan layukan juyin gaɓoɓi uku da ke jere sun haɗu a ɗigo ɗaya, ana iya warware lissafin gaɓa shida kai tsaye ba da lalube ba. Shi ya sa ake ƙera wuyan hannayen masana'antu da yawa a haka. Sai a fara kai tsakiyar wuyan hannun inda ake so da ƙugu da kafaɗa da gwiwa, da alwatikar nan tamu, sannan a daidaita fuskar awartaki.

Bayan an sami amsa, a mai da kusurwoyin cikin lissafin gaba a ga ko sun dawo da 24 da 32 da 40. In sun dawo amma awartaki yana sauka gefe, laifin yana jikin ƙarfen. Kuskuren digiri ɗaya a kafaɗa, idan hannu ya miƙe santimita 70, yana kautar da awartaki fiye da santimita ɗaya. Sai a ɗauko abin awo a sake auna damtse daga tsakiyar kusar kafaɗa zuwa tsakiyar kusar gwiwa, a auna sangali har bakin awartaki, sannan a duba ko inda sarbo yake kira sifiri nan ne takarda take kira sifiri.