"Mun canza asusu, a tura ta wannan": saƙon da kamfani ya ce ba zai taɓa aiko maka ba

A ƙasan takardar lissafin kaya ta kamfanoni da yawa, ko a ƙarshen imel ɗinsu, akwai wani ɗan layi da ake rubutawa da ƙananan haruffa: "Ba ma canza lambar asusunmu na banki ta hanyar saƙo." Yawancin masu saye ba sa karanta shi. Waɗanda suka karanta kuma sau da yawa suna ɗauka cewa nufinsa kawai a yi hattara da baƙuwar lamba. Maganar ta wuce nan. Abin da kamfanin yake faɗi shi ne, ko da saƙon ya zo daga lambar da ka sani, da hoton mutumin da ka sani, da tambarin kamfanin a samansa, in dai yana ɗauke da sabuwar lambar asusu, to ka ɗauka ba daga gare su ya fito ba.

Dalilin wannan tsanani yana cikin yadda damfarar take aiki. Mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa a kasuwar Singa ta Kano yana sarin sabulu da man gyaɗa a wurin wani kamfani da ke Legas. Shekara da shekaru yana hulɗa da jami'in sayarwa guda ɗaya ta WhatsApp. Ranar Litinin ya yi odar kayan naira miliyan 8, aka turo masa takardar lissafi, ya ce zai biya ranar Laraba. Ranar Talata da yamma sai ga saƙo daga wannan lambar ta jami'in: "Ranka ya daɗe Alhaji, masu binciken lissafi sun shigo mana, an dakatar da tsohon asusun na ɗan lokaci. A tura ta wannan, kuma don Allah kafin ƙarfe goma na safe, don mota za ta tashi." A ƙasa ga takardar lissafin nan dai, lambarta ɗaya, adadin kuɗin ɗaya, jerin kayan ɗaya. Layi biyu kawai aka taɓa: sunan banki da lambobi goma na asusu.

Alhaji bai yi wani sakaci da za a nuna da yatsa ba. Ba a yi masa alkawarin wata garaɓasa ba, ba a nemi lambar sirrin katinsa ba. Kuɗin da ya riga ya yi niyyar biya ne, a ranar da ya yi niyya, ga mutanen da ya sani. Wannan ne ya sa irin wannan zamba take kama masu wayo da gogaggu. Ɓarawon bai ƙirƙiro ciniki ba, ya jira ne aka gama ciniki na gaskiya sannan ya karkatar da kuɗin.

To ta yaya ya san da cinikin? Yawanci yana cikin hirar tun tuni. Ana ƙwace WhatsApp ɗin mutum ta hanyar yaudararsa ya faɗi lambobi shida da ake turowa lokacin rajista, ko a haɗa asusunsa da wata na'ura ba tare da ya lura ba, sai a riƙa karanta duk abin da yake rubutawa. Ta ɓangaren imel kuwa, ana sace kalmar sirrin ma'aikaci ta shafin bogi, ɓarawo ya zauna shiru makonni yana nazarin yadda ake gaisawa, wa yake biya, yaushe ake biya. Wani lokaci yakan saita akwatin imel ɗin ta yadda duk amsar da mai saye ya aiko za ta faɗa wani ɓoyayyen wuri, mai akwatin bai gani ba. In bai samu shiga ciki ba, sai ya buɗe adireshi mai kama da na kamfanin: ya sa `rn` a wurin `m`, ko `.co` a wurin `.com`. A fuskar waya, ga mutumin da ke tsakiyar hayaniyar kasuwa, bambancin ba ya fitowa.

Kada wani ya ce wannan matsalar ƙananan 'yan kasuwa ce. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lithuania mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani da suna irin na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke sayar wa Google da Facebook kayan kwamfuta, ya riƙa aika musu takardun neman biya na bogi da asusun da yake hannunsa. Sun tura masa fiye da dala miliyan 100 kafin asiri ya tonu, kuma a 2019 wata kotu a New York ta yanke masa ɗaurin shekara biyar. Kamfanonin da suka fi kowa sanin intanet ke nan, da rundunar akantoci da lauyoyi.

Yanzu ga wurin da mutane suka fi zamewa. Alhaji ya ɗan ji wani iri, sai ya ce bari ya tabbatar. Ya amsa saƙon: "Da gaske kun canza?" Aka ce masa, "Ƙwarai kuwa Alhaji, ga ma takardar sanarwa daga shugaban kamfani," aka turo wata wasiƙa mai hatimi da sa hannu, da lambar waya a ƙasa "don ƙarin bayani". Ya kira lambar, wata murya mai ladabi ta tabbatar masa. A ganinsa ya bincika har sau biyu. A gaskiya ɓarawo ya tambaya, ɓarawo ya ba shi amsa, sannan ɓarawo ya ba shi shaida. Duk abin da ya fito daga cikin saƙon, ko lambar waya ce, ko wasiƙa, ko saƙon murya, ba ya iya zama hujjar saƙon.

Tabbatarwa ta gaskiya dole ta bi wata hanya dabam wadda take hannunka tun kafin saƙon ya zo. Lambar ofis da ke kan tsohon rasit na bara. Lambar akanta ko manajan da ka taɓa zama da shi. Ko ka tura yaronka reshen kamfanin ko ɗakin ajiyarsu ya tambaya baki da baki. Kuma kira na layi ake so, ba rubutu a cikin hirar da ake zargi ba. Da Alhaji ya ɗauki waya ya kira jami'in nan a kan layinsa, mai yiwuwa abin da zai fara ji shi ne, "Wallahi Alhaji tun jiya na kasa shiga WhatsApp ɗina."

Akwai wata kariya da tsarin bankunan Najeriya ya bayar, amma ana ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta. Idan ka shigar da lambobi goma na asusu, manhajar banki tana nuna maka sunan mai asusun kafin ka tura. Idan kamfani kake biya sai ka ga sunan mutum ɗaya, magana ta ƙare, ka tsaya. Amma ganin suna mai kama da na kamfanin ba ya wanke asusun, domin ana iya yin rajistar sunan kasuwanci da ya yi kusa da na asali, a ƙara kalma ɗaya ko a rage, a buɗe asusu da shi. Haka ma dabarar nan ta tura naira dubu ɗaya "don gwaji". Abin da take nunawa kawai shi ne asusun yana karɓar kuɗi, kuma wanda zai ce maka ya ga alat ɗin shi ne wanda kake gudu.

Sai dai fa a nan kamfanoni ma suna da nasu laifin, kuma a ganina nasu ya fi girma. Gargaɗi da yawa an rubuta su ne don kare kai, ba don a fahimta ba. "A yi hattara da 'yan damfara" bai gaya wa kowa abin da zai yi ba. Kuma cewa "ba ma taɓa canza asusu" kai tsaye ba gaskiya ba ne, domin kamfani yana iya canza banki. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, duk kamfanin da ke karɓar kuɗi ta can dole ya koma wani wuri. Saboda haka gargaɗi mai amfani sai ya faɗi yadda canji na gaskiya zai zo. Misali: "Asusunmu shi ne wanda ke cikin yarjejeniyarmu da kai, kuma da sunan kamfani yake. Ba za mu sanar da canjinsa ta imel, WhatsApp ko tes ba. Idan dole ta sa mun canza, wakilinmu zai kawo maka takarda hannu da hannu, tsohon asusun ko ofishinmu kuma zai ci gaba da karɓar biya har ka tabbatar. Duk saƙon da ya ce maka ka tura wani wuri, kada ka biya, ka kira wannan lamba." Kuma a ba mai saye wannan bayani tun ranar da aka fara hulɗa, a kan takarda, da yaren da yake karantawa. Gargaɗin da ke ƙasan imel kaɗai, wanda ya ƙwace imel ɗin zai iya goge shi.

Abin da ya fi rushe gargaɗin kuwa shi ne halin ma'aikatan kamfanin kansu. Ranar da sabis ya yi tsiya, jami'in sayarwa ya ce wa mai saye, "Turo ta asusuna kawai, zan shigar gobe," kuma kaya suka iso lafiya, to ya koya wa mutumin cewa dokar tana da ƙofar baya. Gobe in ɓarawo ya zo da irin wannan magana, ba za ta yi masa baƙo a kunne ba. Kamfanin da ya rubuta "ba ma taɓa yi" dole ya hana ma'aikatansa yi ko sau ɗaya, ko da cinikin ranar zai wuce.

In kuma kuɗin ya riga ya fita, sa'o'in farko su ne komai. Tiransifa tsakanin bankunan Najeriya tana isa cikin daƙiƙoƙi, kuma masu wannan sana'a ba sa barin kuɗi ya kwana: a rarraba shi zuwa wasu asusun, a cire wani a wurin masu POS. Mutum ya kira bankinsa nan take, ya kuma shigar da ƙorafi a rubuce da lambar shaidar tiransifar, ya nemi a tuntuɓi bankin da ya karɓa don a hana fitar da abin da ya rage. Daga nan sai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Kada a goge hirar saboda ɓacin rai, a ɗauki hotonta a ajiye, domin mayar da kuɗin da aka tsare yakan buƙaci umarnin kotu, kuma kotu shaida take nema. A sanar da kamfanin ta layin waya, saboda in an shiga wayar jami'insu, ba Alhaji kaɗai aka aika wa saƙon ba.

Bayan haka rigima mai zafi takan biyo baya: wa zai ɗauki asarar? Kamfani zai ce kuɗi bai shigo masa ba, don haka bashi yana nan. Mai saye zai ce ai daga lambar ma'aikacinku saƙon ya zo. A irin wannan jayayya, tambayoyin da za a yi ta juyawa su ne ta wane ɓangare aka shiga, ko an ba mai saye gargaɗi a rubuce tun farko, da kuma ko ya kira lambar da aka ba shi kafin ya tura.