Basira Takwas ko Guda Ɗaya?

A shekarar 1983, Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya fitar da littafin Frames of Mind, inda ya ce basirar ɗan Adam iri bakwai ce: ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa, ta sarrafa jiki, ta gane sura da wuri, ta fahimtar mutane, da ta sanin kai. Daga baya ya ƙara ta takwas, wato gane tsirrai da dabbobi. Cikin hujjojinsa akwai marasa lafiyar da ya yi aiki da su a Boston: mutum ya sami rauni a ƙwaƙwalwa, magana ta gagare shi, amma ga shi yana rera waƙa.

Malaman makaranta suka karɓi zancen hannu bibbiyu, kuma ba a ga laifinsu ba. Wane malami ne bai san yaron da ake kira daƙiƙi a aji ba, alhali in an ba shi rediyon da ta lalace sai ya tayar da ita? Gardner ya ba su bakin kare irin wannan yaro. A 1987 har aka buɗe makarantar Key a birnin Indianapolis bisa wannan tsari.

Sai dai akwai wani tsohon bincike da ya tare hanya. Tun 1904 Charles Spearman na Ingila ya lura cewa yaran da suka yi fice a darasi ɗaya galibi sukan taɓuka a sauran, ya kira wannan tushe na bai ɗaya da harafin g. Idan Gardner ne da gaskiya, bai kamata makin harshe ya nuna komai game da makin lissafi ba.

A 2006 Beth Visser da abokan aikinta a Kanada suka gwada. Sun ɗauki manya 200, suka yi musu jarrabawa bibbiyu a kan kowace basira cikin takwas ɗin. Makin harshe, lissafi, gane sura, sanin halittu da fahimtar mutane duk suka tafi tare, kamar yadda Spearman zai zata. Na sarrafa jiki ne ya fi ware kansa, abin da masu suka ke cewa baiwa ce kawai aka sauya wa suna.

Gardner ya amsa cewa jarrabawar takarda da biro harshe da lissafi take aunawa tun asali. Amsar tana da ƙanshin gaskiya, amma shi ma bai samar da ma'aunin da masana suka amince da shi ba, kuma ra'ayin da ba a iya aunawa da wuya a gane ko kuskure ne.

A aji kuwa, ɓarnar takan zo ne idan aka laƙaba wa yaro cewa shi na kiɗa ne, aka daina matsa masa a lissafi. Shi kansa Gardner ya rubuta a 2013 cewa a daina haɗa ra'ayinsa da batun wai kowane yaro da salon koyonsa.