Yadda ake zaunar da kyanwa a kujerar falo cikin hoto ba tare da an gane haɗi ba ne

Mai sayar da kujeru yana son hoton talla mai kyanwa a kai, ko kuma uwargida tana son ganin magenta a sabon falo, magen kuwa ta ƙi zama. Sai a yanko ta daga wani hoto a manna a kan kushin. Yankan yana iya fita tsaf, amma duk wanda ya kalla sai ya ji wani abu bai zauna ba, ko da ba zai iya faɗin mene ne ba. Galibi laifin ba na yankan ba ne. An ɗauki falon daga wani tsayi, an ɗauki kyanwar daga wani tsayi dabam, kuma babu manhajar gyaran hoto da za ta sulhunta su ta hanyar ja da miƙewa.

Mu ɗauki falo guda mu bi shi daki-daki. Mai hoto ya tsaya, wayarsa tana santimita 150 daga ƙasa, yana mita 3 daga kujera mai cin mutum uku da ke fuskantarsa. Taga tana hagu, da farin labule mara kauri. Mazaunin irin wannan kujera yakan kai santimita 45 daga ƙasa.

Idan ba kai ka ɗauki hoton ba, shi da kansa zai gaya maka tsayin da aka ɗauke shi. Nemi layukan da suka nufi cikin ɗakin, irin na tayil, da gefen kafet, da inda bangon gefe ya haɗu da silin. Ja su da dogon layi har su haɗu a wuri guda. Layin kwance da ya ratsa wannan mahaɗa shi ne daidai tsayin kyamarar. Idan ya yanke ƙofa mai mita 2 a kashi uku cikin huɗu na tsayinta, to santimita 150 ke nan. Duk abin da ke ƙasa da wannan layi, samansa muke gani. Shi ya sa muke ganin saman kushin da saman teburin tsakiya.

Kyanwa a zaune, daga ƙafa zuwa kunne, takan kai kimanin santimita 40. A kan kujera kanta zai tsaya a santimita 85, nesa ƙasa da layin nan. Dole ke nan mu ga saman kanta da ɗan bayanta, ƙarƙashin haɓarta kuma ya ɓuya. Yawancin kyawawan hotunan kyanwa kuwa an ɗauke su ne a durƙushe, ido da ido, ƙirjinta a buɗe, ƙafafunta a jere kan layi ɗaya. Ka ɗora irin wannan a kan kushin da ake kallo daga sama, sai ta zama kamar kwali da aka jingine.

Maganin yana wurin ɗauka, kuma lissafinsa ƙarami ne. Abin da ake so shi ne tazarar tsayi tsakanin kyamara da wurin da kyanwar ta zauna. A falonmu, 150 a cire 45, saura santimita 105. Idan magen tana zaune a ƙasa a tsakar ɗaki, ka riƙe wayar a santimita 105, ka ja baya mita 3, da waya ɗaya da girman zuƙowa ɗaya, wato idan an ɗauki falon a 1x ita ma a 1x. Za ta fito ƙarama a tsakiyar hoton, hannu zai yi ta ƙaiƙayin matsowa kusa. Kada ka matso. Kusanci yana kumbura kai da hanci ya ƙanƙantar da jiki, kuma hakan ba ya gyaruwa daga baya. Ribar haƙurin ita ce girmanta zai zo daidai da kujerar tun kafin ka taɓa komai. In kuwa dole ka daidaita girma da hannu, auna da kushin ɗin da za ta zauna a kai: mai faɗin santimita 60, tsayinta kashi biyu cikin uku na faɗinsa.

Haske ma a lokacin ɗauka ake shirya shi. Taga tana hagu a falon, don haka ka ɗauke ta taga tana hagunka, da rana, fitilar waya a kashe. Idan hoton da kake da shi haskensa daga dama yake, umarnin Flip Horizontal zai juya shi. Sai dai zanen jikinta ma zai juya, baƙin tabon kunnen dama ya koma hagu. Mai talla ba ruwansa, amma mai kyanwa zai gane nan take. Ka duba idonta kuma. A rana mai ƙarfi baƙin idon kyanwa yana tsukewa ya zama siririn layi a tsaye, a ɗaki mai duhu-duhu yana buɗewa ya yi zagaye. Tsukakken ido a falon da aka saki labule yana tona asirin cewa a tsakar gida aka ɗauke ta.

Inda na fi ganin ana kasawa shi ne wurin da jikinta ya taɓa kushin. Inuwa biyu ake bukata, mutane kuma sukan yi ɗaya. Ta farko siririya ce mai duhu sosai, manne da ƙafafu da cinya da jela, inda haske ba ya samun shiga ta kowace fuska. Ita ce ke zaunar da kyanwar. In babu ita sai a ga kamar tana shawagi. Ta biyu ita ce wadda taga ke jefawa zuwa dama. Kafin ka zana ta, dubi inuwar filo ko ta hannun kujera a hoton, ka kwaikwayi inda ta nufa da taushin gefenta. Hasken da ya ratso labule inuwarsa mai laushi ce, tana da duhu kusa da jiki tana dishewa in ta yi nisa, kuma idan ta iso majingina sai ta karye ta hau sama. A Photoshop ko GIMP, ka zana kowacce a shimfiɗarta a ƙarƙashin kyanwar, ka sa ta a Multiply, ka tausasa da Gaussian Blur. Launin kada ya zama baƙi ƙirin. Ɗebo shi daga inuwar da ke jikin kujerar.

Kushin kuma soso ne, kyanwa mai kilo 4 tana lotsa shi. Goge ɗan ƙasan ƙafafunta da cinyarta yadda yadin zai rufe su kaɗan, ka ƙara gajerun layukan tattara biyu ko uku da ke fitowa daga inda nauyinta ya sauka. Kujerar fata mai tauri ba ta bukatar wannan sosai. Idan kujerar ja ce kyanwar fara, ƙasan cikinta da haɓarta za su ɗebi ja-ja kaɗan, domin yadin yana mayar da haske sama.

Don gwaji, mayar da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci. Wurin da ya fi duhu a jikinta bai kamata ya fi mafi duhun falon duhu ba, haka ma wurin da ya fi haske. Idan ya fi, Curves zai daidaita shi. Sannan ka zuƙo gefen gashinta da gashin bakinta, domin a nan ne launin tsohon wurin da aka ɗauke ta yake maƙalewa, musamman idan kan shuɗiyar tabarma ko koren kafet ta zauna.