An Ƙi Biyan Kuɗin Tiyata? Amsar Tana Cikin Fayil ɗin Likita

Tun da aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, a shekarar 2022, ake ta ƙoƙarin shigar da jama'a cikin tsarin a Najeriya. Sai dai masu katin da yawa ba sa sanin ƙa'idarsa sai ranar da aka ƙi biya musu. Kamfanonin da ake kira HMO, waɗanda ke tsakanin mara lafiya da asibiti, sukan buƙaci a karɓi lambar izini daga wurinsu kafin a yi babban aiki irin tiyata. Idan babu lambar, suna iya cewa ba za su biya ba.

Mu ɗauka wata mata ce ta shiga asibiti da naƙuda cikin dare, aka yi mata tiyata da asuba aka ciro jaririn. Kamfani ya rubuto cewa ba a nemi izini ba, asibiti kuma ya juyo kan maigidan ya biya. Abin da ya fi zuwa a zuciya shi ne a rubuta wasiƙar roƙo, a ambaci tsadar rayuwa da bashin da aka ci. Duk gaskiya ne, kuma abin tausayi ne, amma mai duba takardar ba shi da hurumin biya saboda tausayi. Tambaya ɗaya ce a gabansa: aikin na gaggawa ne, ko ana iya jira?

Don haka a fara da karɓar dalilin ƙin biyan a rubuce, a kuma duba takardar yarjejeniya don ganin wa'adin da aka ba mai ƙorafi. Daga nan sai matar ta nemi kwafin bayananta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta mai da bayanan mara lafiya sirri, saboda haka ita za ta sa hannu, ko da mijin ne ke zirga-zirgar.

A nan ne ake yawan tafka asara. Asibiti kan ba da gajeren rahoto mai cewa an yi tiyata, uwa da ɗa suna lafiya. Wannan bai tabbatar da gaggawa ba. Abin nema shi ne takardar bibiyar naƙuda, wadda ungozoma ke cikewa lokaci bayan lokaci, da rubutun likita na sa'ar da ya yanke shawara, da bayanin ɗakin tiyata. A cikinsu ake samun lokuta da alƙaluma.

A misalinmu, fayil ya nuna bakin mahaifa ya buɗe sentimita 6 da ƙarfe 1:00 na dare, kuma har ƙarfe 5:00 bai ƙaru ba duk da naƙuda mai ƙarfi. Da ƙarfe 5:10 bugun zuciyar jariri ya sauka zuwa 100 a minti ɗaya ya tsaya a nan, alhali daidai shi ne tsakanin 110 da 160. Ruwan faya ya fito gauraye da kashin jariri mai kauri. Likita ya rubuta cewa jariri ya galabaita, aka shiga tiyata ƙarfe 5:40.

Haka wasiƙar za ta jero su, bi da bi, kowane tare da shafin da aka ɗauko shi. Samanta kuwa a sa sunan matar yadda yake a kati, lambar rajistarta, ranar aikin, da dalilin kamfanin kamar yadda suka rubuta shi. Bayan jerin sai jumla guda ta ɗaure zancen: minti talatin ne tsakanin faɗuwar bugun zuciya da shiga tiyata, jiran lamba kuwa kasada ce da ran jariri. Dokar 2014 ɗin nan ta hana asibiti ƙin kula da mai larurar gaggawa, kuma yana da kyau a ambata. Idan asibiti ya kira kamfanin a daren bai samu kowa ba, a sa lokacin kiran. Sannan a faɗi abin da ake so ƙarara, wato a janye ƙin biyan a mai da kuɗin da ke kan rasit.

Kada a roƙi likita ya gyara tsohon rubutu, ko da kuskure ne ƙarami. Kankare lokaci ɗaya ya isa ya sa a yi shakkar fayil ɗin baki ɗaya. In akwai giɓi, likita ya rubuta ƙarin bayani daban mai kwanan watan ranar da ya rubuta, ya sa hannu.

Kwafi ake miƙawa, asalin takardu su zauna a gida, kuma a tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin wasiƙar da zai rage a hannu. Idan kamfanin ya sake ƙi ko ya yi shiru, da wannan kwafin mai hatimi ake zuwa ofishin NHIA na jiha a shigar da ƙorafi.