Kafin ku biya kuɗin faranti ko batirin sola

Iyalai da dama sun zo ofishinmu da kuka iri ɗaya: sun tara kuɗi, wasu ma sun ci bashi, sun sayi farantin sola da batir, amma kafin sallar isha fitila ta mutu. Sau da yawa ba rana ce ta gaza ba. Abin da aka rubuta a jikin kayan ne ya fi abin da ke ciki. Takarda tana iya yin ƙarya, amma girman faranti da nauyin batir da abin da mita ta nuna ba sa yi. Ga yadda za ku gane kafin kuɗi su bar hannunku.

Ku fara da takardar bayan faranti

Faranti, wanda a nan wasu ke kira pano, yana da takarda manne a bayansa. Ku nemi sunan kamfanin da ya ƙera shi, da lambar farantin wadda galibi ake sakawa a ƙarƙashin gilashi. Idan babu suna, ko kun ga an liƙa wata takarda a kan wata, ku ajiye shi.

Sai ku nemi rubutu uku: Pmax, Vmp da Imp. Pmax shi ne wat ɗin da ake cewa farantin yana bayarwa. Idan aka ninka Vmp da Imp, dole amsar ta zo kusa da Pmax. Farantin wat 100 na gaskiya yakan nuna Vmp wajen 18, Imp wajen 5.5, wato 99 ke nan. Idan takarda ta ce wat 200 amma ninkin ya ba da 100, takardar ta tona asirin kanta.

Girma ba ya ɓuya

Rana tsaka tana zuba wajen wat 1000 a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Faranti mai kyau yana kama wajen kashi ɗaya cikin biyar na wannan, wato wat 200. Saboda haka ku ari ma'aunin tela, ku auna tsawo da faɗi da mita, ku ninka su, sannan ku ninka amsar da 200.

Wani magidanci ya kawo mana faranti da aka rubuta wa wat 200. Muka auna, tsawonsa mita 1, faɗinsa mita 0.67. Ninkin ya ba mu wat 134, kuma wajen wannan ne abin da faranti mai kyau mai wannan girma yakan bayar. Tun kafin mu sa mita mun san ba 200 ba ne.

Awon faranti a rana

Mai gyaran waya ko rediyo yakan mallaki mitar awon wuta. Ku tafi da shi kasuwa. A goge farantin, a cire shi daga komai, a fuskantar da shi ga rana tsakanin ƙarfe 11 na safe da 1 na rana, a ranar da babu hadari ko hazo.

Da farko a auna bolt a kan wayoyin biyu, a gwada da Voc na takarda. Farantin da ake haɗawa da batir mai bolt 12 yakan nuna wajen 20 zuwa 22. Amma nan ne ake yaudarar mutane, domin ƙaramin faranti da babba duk suna iya nuna bolt ɗaya. Abin da ke raba su shi ne amfiya. Sai mai gyara ya mayar da jar wayar mita ramin da aka rubuta 10A, ya auna na ɗan lokaci kaɗan, a gwada da Isc na takarda. Farantin wat 100 yakan ba da kusan amfiya 6. Ragi kaɗan ba laifi ba ne, amma ragin rabi ha'inci ne. Farantin magidancin nan ya ba da 5.4, alhali na wat 200 mai irin wannan bolt ya kamata ya haura 10. An sayar masa da na wat 100 a kuɗin na 200.

Gargaɗi: wannan awon amfiya na ƙaramin faranti ne kaɗai. Kada a taɓa yin sa a kan batir, domin zai ƙona mita, yana iya ƙona hannu.

Batir: ku ɗora shi a sikeli

Abin da ke riƙe wuta a batirin da muka saba da shi darma ce, darma kuma tana da nauyi. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yakan kai kilo 28 zuwa 32. Ƙaramin nan mai 7Ah yakan ɗan wuce kilo 2. Batirin magidancin, mai 100Ah a rubuce, kilo 17 ya yi a sikelin mai hatsi. Darmar da ke cikinsa ba ta kai abin da aka rubuta ba. Wannan lissafi bai shafi batirin litiyam ba, shi dama ba shi da nauyi.

Nauyi kaɗai bai isa ba, tunda ana iya cusa wani abu a ƙara shi, ko a wanke tsohon batir a sayar. Ku duba ko ya kumbura, ko kan sandunansa ya ci, ko an kankare ranar ƙira. Batir cikakke da ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.8. Gwajin gaskiya kuwa shi ne a sa shi aiki. Bayan an cika shi, a haɗa masa ƙwan fitilar mota mai wat 55 na awa 10, a cire, a bar shi ya huta awa ɗaya. Na 100Ah mai lafiya zai nuna kusa da bolt 12.2. Idan ƙwan ya dushe cikin awa 3 ko 4, batirin bai kai ba. Wannan gwaji yana cin yini, don haka ku yi sharaɗin mayarwa da mai kaya a rubuce.

Tambarin shaida

A faranti za ku ga IEC 61215 da IEC 61730, wato ƙa'idojin duniya na ƙarko da tsaro. A ƙananan fitilun sola da kayan gida masu zuwa a kwali ɗaya, ana neman shaidar VeraSol, wadda a da ake kira Lighting Global, kuma ana iya duba sunan kaya a jerinsu ta waya. Sai dai kowa na iya buga tambari a takarda. Alamar CE ma galibi kamfanin ne ke sa wa kansa. Rashin shaida dalilin guduwa ne, amma ganin ta ba ya hana awo.

Ranar saye

Ku karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata, wat, Ah, lambar kaya da tsawon garanti. Mai kayan da ya ƙi a auna ya riga ya ba ku amsa, ku wuce gaba ba tare da gardama ba. Zama ɗan gudun hijira bai hana ku haƙƙin mayar da kayan da aka cuce ku a kai ba. Idan abin ya faru, kada ku je ku yi rigima a shago. Ku zo ofishin kariya da kayan da rasit, mu rubuta ƙorafin tare. Batirin da ya mutu kuma kada a fasa shi ko a bar yara su yi wasa da shi, domin ruwansa yana ƙuna, darmarsa kuma guba ce.