Dacewar Aikau da Zagin Aikatau a Doguwar Jimla

A Hausa, aikatau ba ya sauya siffarsa saboda mai yin aikin. Muna cewa "yaro ya tafi", "yarinya ta tafi", "yara sun tafi". Kalmar "tafi" tana nan yadda take. Abin da ke sauyawa shi ne 'yar kalmar da ke gabanta: ya, ta, sun. Ita ake kira zagin aikatau, kuma tilas ne ta dace da aikau ta fuskar jinsi da adadi. Idan harshenka na gida Yarbanci ne ko Ibo, sai ka ƙara lura, domin waɗannan harsuna ba sa bambanta namiji da mace a wakilin suna.

A gajeruwar jimla ba ka cika yin kuskure ba, saboda aikau da zaginsa suna maƙwabtaka. Matsalar takan taso ne idan dogon bayani ya shiga tsakaninsu. Dubi wannan jimla:

Motar da 'yan kasuwa suka hau daga Anaca zuwa Kano sun lalace a Lakwaja.

Marubucin ya fara da "mota", amma kafin ya kai ga aikatau ya manta da ita, sai ya bi "'yan kasuwa". Bahaushe zai fahimci cewa mutanen ne suka lalace, wato halinsu ya ɓaci, alhali kuwa mota ce ta sami matsala. Daidai shi ne:

Motar da 'yan kasuwa suka hau daga Anaca zuwa Kano ta lalace a Lakwaja.

Ka lura cewa jimlar tana da zagi biyu, kowanne da ubangidansa. "Suka" na 'yan kasuwa ne, kuma aikinsa ya ƙare a cikin bayanin tsakiya. "Ta" kuwa ta mota ce, domin a kanta ake magana.

Akwai matakai uku da za ka bi ka gane zagin da ya dace. Bari mu gwada su da wannan jimla:

Buhun gyaɗar da Binta ta saya a kasuwar Dawanau ____ ɓace.

Da farko, nemi babban aikatau, wato "ɓace", ka tambayi kanka: me ya ɓace? Ba Binta ba ce, ba kuma kasuwa ba ce. Na biyu, rufe bayanin tsakiya da yatsa, tun daga "da" har zuwa "Dawanau". Abin da ya rage shi ne "Buhun gyaɗa ____ ɓace". Na uku, idan sunaye biyu sun haɗu ta hanyar -n ko -r, na farko ne jagora. A nan jagoran shi ne "buhu", kuma namiji ne tilo. Saboda haka za ka rubuta "ya ɓace", ko da yake gyaɗa da Binta da kasuwa duk jinsin mace ne. Su ukun ne ke jan kunnenka zuwa "ta".

Harafin da ke manne da jagoran yakan taimaka maka. Idan ka ga -r, kamar a "motar" ko "rigar", sunan mace ne, zaginsa "ta". Amma -n ba ya yanke hukunci shi kaɗai, domin namiji da jam'i duk suna ɗaukarsa: "buhun da aka saya ya ɓace", "buhunan da aka saya sun ɓace". Kada kuma ka ɗauka duk sunan da ya ƙare da -a mace ne. Gida da ruwa da nama maza ne, don haka muke cewa "gidan da matan suka share ya yi kyau".

Wuri na ƙarshe da ɗalibai kan yi tuntuɓe shi ne "ɗaya daga cikin". Jam'i ne ke biyo bayansa, amma a kan mutum ɗaya ake magana: "Ɗaya daga cikin 'yan matan da suka rubuta jarrabawa ta yi rashin lafiya." Idan ka rubuta "sun yi", ka kwantar da ajin gaba ɗaya.

Aiki

Cike gurbi da ya, ta ko sun, sannan ka ja layi a ƙarƙashin jagoran kowace jimla:

1. Wasiƙar da iyayen yara suka aiko wa shugaban makaranta ____ iso.
2. Ruwan rijiyar da mata suke ɗiba ____ ƙafe.
3. Littattafan da malama ta ajiye a kan tebur ____ jiƙe.
4. Ɗaya daga cikin samarin da suka buga ƙwallo ____ ji rauni.